Suna Ɗaya, Lamba Ɗaya: Daidaita Bayanin Kaya a Takardun Fitarwa Zuwa Ƙasashen Waje

Jawabin da aka gabatar a zaman tattalin arziki na taron shekara-shekara na Ƙungiya



Kwamitin shirya taro ya nemi in yi magana a kan takardun fitar da kaya zuwa ƙasashen waje. Fagen yana da faɗi, don haka na zaɓi kusurwa ɗaya daga cikinsa, wato yadda ake rubuta sunan kaya da lambarsa ta kwastan, ta yadda abin da aka bayyana wa kwastan na Nijeriya da Ingilishi zai zo daidai da abin da mai saye zai bayyana wa kwastan na ƙasarsa da nasa harshen. Zan yi amfani da busasshen barkono a matsayin misali, domin kaya ne da kowa a wannan zaure ya sani, kuma sunansa yana cikin waɗanda suka fi rikiɗewa idan sun ƙetare iyaka.

Lambar da duk kwastan suke ji

Jami'in kwastan na Legas da takwaransa na Marsele a Faransa ba harshe ɗaya suke aiki da shi ba, amma littafi ɗaya suke dubawa. Littafin shi ne Daidaitaccen Tsarin Rarraba Kayayyaki, wanda ake taƙaita sunansa da HS. Hukumar Kwastan ta Duniya da ke Birasels ce take kula da shi, ya fara aiki a ranar 1 ga Janairu, 1988, kuma ƙasashe da yankuna fiye da 200 suna amfani da shi. An rubuta shi da Ingilishi da Faransanci, kuma rubutun biyu ƙarfinsu ɗaya a gaban doka. Ku riƙe wannan magana, domin a kanta sauran jawabina zai dogara.

Kowane kaya yana da lamba mai alƙaluma shida. Biyun farko babi ne, huɗun farko kai ne, shidan gaba ɗaya kuma ƙaramin kai. Idan muka ɗauki 0904.21, to 09 shi ne babin kofi da shayi da kayan yaji, 0904 shi ne kan da ya haɗa masoro da barkono, sannan 0904.21 shi ne busasshen barkono wanda ba a daka ba, ba a niƙa ba. Waɗannan alƙaluma shida iri ɗaya ne a duk ƙasar da take bin tsarin. Abin da ya biyo bayansu kuwa na kowace ƙasa ne ko yanki. Nijeriya tana bin jadawalin harajin bai-ɗaya na ECOWAS, wanda ya fara aiki a 2015, mai alƙaluma goma. Tarayyar Turai tana da nata mai alƙaluma takwas, ana ƙara biyu idan kaya shigowa za su yi. Saboda haka ba laifi ba ne idan wutsiyar lambarka ta bambanta da ta mai saye. Inda ake samun matsala shi ne idan shidan farko suka saɓa.

Ƙa'idar farko ta fassara wannan littafi ta nuna cewa ana sanya kaya a lamba ne bisa kalmomin kan da kuma bayanan babin. Sunan da ake kiran kayan a kasuwa ba hujja ba ne. Abin da jami'i yake tambaya shi ne: wane tsiro ne, kuma a wane hali yake? Ɗanye ne ko busasshe? Gudansa ne ko gari? Shi kaɗai ne ko an gauraya shi da wani abu?

Yadda kalma ɗaya take raba takardu biyu

Bahaushe bai taɓa ruɗa barkono da masoro ba. Ingilishin da muke yi a Nijeriya ne ya haɗa su, domin da barkono da tattasai da attaruhu da masoro duk *pepper* muke ce musu. Faransanci kuwa ya raba su kamar yadda Hausa ta raba. A wurinsu *poivre* shi ne masoro da danginsa, wato tsiron da masana ke kira *Piper*. Barkono kuma *piment* ne, daga dangin *Capsicum*. Littafin kwastan ma ya raba su: masoro guda yana 0904.11, dakakkensa yana 0904.12, busasshen barkono guda yana 0904.21, garinsa kuma yana 0904.22.

Mu ɗauka wani ɗan'uwanmu ya sayi busasshen barkono a kasuwar Dawanau ta Kano, buhu 480, kowane buhu kilo 25, jimla kilo 12,000, zai tura wa wani mai saye a Marsele cikin kwantena ɗaya. A takardar farashin da ya fara aikawa ya rubuta *dried pepper* kawai, ba lamba, ba sunan tsiro. Ejansa na Legas ya ga kayan da idonsa, ya san barkono ne, sai ya sa lambar da ta fara da 0904.21. Ejan mai saye kuwa bai ga buhu ko ɗaya ba, takarda ce a gabansa. Ya fassara kalmar yadda ƙamus ya ba shi, ya rubuta *poivre séché*, ya ɗauko 0904.11. Babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu, amma yanzu kwantena ɗaya tana ɗauke da kaya iri biyu a kan takarda.

Ga abin da zai faru idan jirgi ya isa. Jami'i zai ga takardar lodin jirgi tana ɗauke da lamba ɗaya, takardar bayyana kaya tana ɗauke da wata. Zai duba takardar shaidar lafiyar tsirrai, inda akwai gurbi na musamman na sunan tsiro na kimiyya, ya tarar an rubuta *Capsicum*, alhali an bayyana masa *Piper*. Daga nan sai a ware kwantenar domin a buɗe ta. Kafin a gyara takarda, kwanakin da kamfanin jirgi yake bayarwa kyauta suna iya ƙarewa, kuɗin jinkiri da na ajiya su fara hawa kullum, da kuɗin waje. Mai saye zai ce laifin mai sayarwa ne, ya nemi a rage masa farashi. Ɗan'uwanmu yana Kano, kayansa suna wata ƙasa, ba shi da bakin musu.

Kada a ɗauka haraji kaɗai lamba take yankewa. Dokokin binciken abinci ma da lamba ake rubuta su. A 2015, lokacin da Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Nijeriya saboda ragowar maganin ƙwari, da lambobin kwastan aka fayyace kayan da abin ya shafa. Don haka jami'in da ya ga lamba ta saɓa da kaya yana da dalilin zargin cewa ana neman kauce wa bincike ne, ko da kuskuren fassara ne kawai.

Halin kaya yana sauya lamba

Ko an dace da sunan tsiro, da sauran aiki. Ɗanyen barkono ko tattasai ba ya babi na 09 ko kaɗan, yana 0709.60 tare da kayan lambu. Idan ya bushe sai ya koma 0904.21. Idan aka kai shi inji ya zama gari, ya koma 0904.22. Idan aka haɗa garin da citta da kanumfari, bayanin babin ya ce gaurayen kayan yajin da suka fito daga kawuna daban-daban yana 0910.91. Idan kuma aka zuba ƙuli-ƙuli da gishiri da sauran kayan ɗanɗano har ya zama yajin tsire, ya tashi daga matsayin kayan yaji zalla, to ya doshi 2103.90, wurin haɗaɗɗun kayan ɗanɗano. Barkonon gona ɗaya ke nan, lamba biyar.

Wannan ya shafi matanmu da suke sarrafa yaji suna aikawa waje. Kalmar da ta bayyana halin kaya ba ado ba ce a takarda. Rubuta cewa gudansa ne, ko gari ne, ko gauraye ne, ita ce take tsayar da lamba. Idan kuma gauraye ne, a rubuta abin da ke ciki da kason kowanne cikin ɗari, domin da shi jami'i zai yanke hukunci.

Akwai kuma tsufan lamba. Ana sabunta littafin lokaci zuwa lokaci. Kafin bugun 2012, busasshen barkono da garinsa suna lamba ɗaya ne, 0904.20, citta kuma tana 0910.10. Wannan bugu ne ya raba kowannensu gida biyu, guda da gari. An sake yin wani bugu a 2017, da wani a 2022. Duk wanda ya ga 0904.20 ko 0910.10 a takardarsa, ya sani cewa an kwafo ta ne daga tsohon fayil, kuma na'urar kwastan ba za ta san da ita ba.

Wake da gurjiya

Bari in ƙara misali ɗaya domin a ga cewa abin bai tsaya ga barkono ba. Wakenmu muna kiransa *beans* da Ingilishi. Mai fassara zai mayar da shi *haricots*, ejan kuma ya tafi 0713.33, lambar wani wake dabam da ake kira *Phaseolus vulgaris*. Namu kuwa *Vigna unguiculata* ne, maƙwabtanmu masu Faransanci suna ce masa *niébé*, kuma yana da lambarsa ta kansa tun 2012, wato 0713.35. Haka gurjiya, wadda wasu suke rubuta wa *Bambara groundnut*. Kalmar ƙarshe tana jan ejan zuwa 1202, gidan gyaɗa, alhali gurjiya tana 0713.34, kusa da wake. Hausawa sun ce kama da wane ba ta wane.

Darasin da ke cikin misalan nan guda ɗaya ne. Sunan kasuwa yana sauyawa daga harshe zuwa harshe, amma sunan kimiyya da alƙaluma shida ba sa sauyawa. Su ne ya kamata a ɗaure kowace takarda a jikinsu.

Yadda ake yi tun daga farko

Mataki na farko shi ne a fara da kayan, ba da takarda ba. A tantance tsiron da halinsa, a buɗe jadawalin haraji na yanzu, a karanta kan da bayanin babin, a fitar da alƙaluma shida.

Mataki na biyu shi ne a aika wa mai saye waɗannan alƙaluma tare da hoton kayan da sunan kimiyya, a nemi ejansa ya tabbatar a rubuce cewa da su zai bayyana kayan, ya kuma faɗi cikakkiyar lambar ƙasarsa. A Turai, misali, an sake raba 0904.21 gida biyu, marar yaji irin tattasai da kuma sauran, don haka dole a gaya masa ko kayan masu yaji ne. Ana yin wannan kafin a sa hannu a kwangila, kuma kafin a buɗe fom ɗin NXP a banki, domin gyara bayan an buɗe shi yana cin lokaci.

Mataki na uku shi ne mafi muhimmanci. Kada a ba mai fassara sunan kasuwa ya fassara. Tun da littafin yana da rubutun Faransanci na hukuma, a buɗe lambar a can, a ɗauko kalmomin da aka yi amfani da su. Idan mai saye Balarabe ne ko ɗan Sin ko ɗan Turkiyya, jadawalin ƙasarsa yana da kalmomin wannan lamba da harshensa, shi zai kwafo ya turo. Ta haka lamba ce take haifar da fassara, ba fassara take haifar da lamba ba.

Daga nan sai a rubuta layi ɗaya tak wanda zai zama uwa ga dukkan takardu. Ga yadda na ɗan'uwanmu zai kasance:

```
Dried chillies (Capsicum frutescens), whole, neither crushed nor ground. HS 0904.21. 480 bags x 25 kg. Net 12000 kg. Gross 12048 kg.
Piments séchés (Capsicum frutescens), entiers, non broyés ni pulvérisés. SH 0904.21. 480 sacs x 25 kg. Net 12000 kg. Brut 12048 kg.
```

Ku lura da abin da layin ya ƙunsa: sunan kasuwa wanda ba ya ɗaukar ma'ana biyu, sunan kimiyya kamar yadda jami'in binciken tsirrai ya tabbatar, halin kaya, lamba, yawan buhu, da nauyi iri biyu. Nauyin kaya zalla kilo 12,000 ne. Idan kowane buhu fanko yana da giram 100, buhu 480 sun ba da kilo 48, nauyi da buhu ya zama 12,048. Ku kuma lura cewa a cikin layin ban sa waƙafi a tsakiyar adadi ba. Dalili shi ne, a rubutun Faransanci waƙafi yana raba cikakken adadi ne da ɓangarensa, don haka abin da mu muke karantawa dubu goma sha biyu, magatakarda a can yana iya karanta shi sha biyu kacal.

Mataki na huɗu shi ne a kwafi wannan layi harafi da harafi zuwa kowace takarda: takardar farashi ta farko, fom ɗin NXP, takardar ciniki, takardar jerin kaya, buƙatar da ake miƙa wa hukumar NAQS domin shaidar lafiyar tsirrai, takardar shaidar asalin kaya da ƙungiyar NACCIMA take bayarwa, takardar masu binciken kaya kafin lodi, takardar bayyana kaya ga kwastan, da umarnin da ake ba kamfanin jirgi. Waɗannan takardu hannaye daban-daban ne suke cika su, a ofisoshi daban-daban, kuma kowane magatakarda yana da ɗabi'ar taƙaitawa. A nan ne bango yake tsagewa. Har jikin buhu ya kamata a buga masa suna ɗaya da na takarda.

A kula da takardar lodin jirgi musamman. Kamfanin jirgi yakan turo daftari kafin ya fitar da ta gaske. Wannan ita ce dama ta ƙarshe ta gyara cikin sauƙi, domin bayan jirgi ya tashi, gyara da kuɗi ake yinsa. Tun daga 2024 kuma, Tarayyar Turai ta fara buƙatar masu jiragen ruwa su aiko mata da alƙaluma shida da gamsasshen bayanin kaya tun kafin isowarsu. Dunƙulallen suna irin kayan abinci ko amfanin gona ba ya wadatarwa.

Abin da banki yake dubawa

Ga waɗanda ake biyansu ta hanyar wasiƙar lamunin banki, akwai ƙarin dalili. Ƙa'idojin UCP 600, waɗanda bankuna suke aiki da su tun 2007, sun tanadi cewa bayanin kaya a takardar ciniki dole ya dace da wanda ke cikin wasiƙar. Sauran takardu suna iya taƙaitawa, amma ba a yarda su saɓa ba. Banki yana da kwanakin aiki biyar na dubawa, kuma takarda yake dubawa, ba buhu ba. Idan wasiƙa ta ce *poivre* kai kuma ka gabatar da *chillies*, yana da ikon ƙin biya, ko da mai saye ya san barkono ya yi oda. Saboda haka ranar da wasiƙar ta iso ake karanta bayanin kayan da ke cikinta. Idan ya saɓa da layinka, ka nemi mai saye ya gyara ta kafin ka yi lodi.

Gwajin tebur

Kafin kwantena ta bar hannunka, ka shimfiɗa dukkan takardu a tebur ɗaya, ka sami wanda bai sa hannu wajen cika su ba, ya karanta abu biyar a kowace: suna, halin kaya, alƙaluma shida na farko, yawan buhu, da nauyi. Alamomin haɗari a bayyane suke. Takarda ɗaya ta ce gari, lamba kuma ta guda ce. Sunan kimiyya ya fito a takardar lafiyar tsirrai kaɗai. Nauyin kaya zalla da nauyi da buhu sun zo daidai da juna. Lamba ta ƙare da 20 inda ya kamata ta ƙare da 21 ko 22. Aikin rabin sa'a ne.

Iyakar wannan dabara

Dole in faɗi inda wannan hanya take tsayawa. Daidaita takardu ba ya mayar da lambar da ba daidai ba ta zama daidai. Idan takardu tara suka haɗu a kan kuskure ɗaya, kuskure ne har yanzu. Sannan hukuncin ƙarshe a kan lambar shigowa yana hannun kwastan na ƙasar da kaya suka sauka, ba a hannun ejanka ba. Kayan da aka sarrafa, irin yajin da na ambata, su ne suka fi jawo saɓani, domin jami'ai biyu suna iya kallon gauraye ɗaya su bambanta a kan ko ya tashi daga kayan yaji ko bai tashi ba.

Maganin wannan shi ne neman hukunci a rubuce tun kafin a tura kaya. A Tarayyar Turai mai saye yana iya neman takardar da ake kira BTI, ko RTC da Faransanci, wadda take ɗaure kwastan na dukkan ƙasashen Tarayyar a kan lamba ɗaya har tsawon shekara uku. Hukumar Kwastan ta Nijeriya ma ta ƙaddamar da nata tsarin bayar da hukunci tun kafin zuwan kaya a 2024. Wanda zai riƙa tura kaya iri ɗaya a kai a kai, wannan takarda ta fi masa dogaro da baki.

Kammalawa

Mai girma Shugaba, shawarata ga kwamitin kasuwanci na Ƙungiya ita ce ya tsara jadawali na shafi ɗaya na kayan da mutanenmu suka fi fitarwa, kamar barkono, citta, riɗi, gyaɗa, wake da gurjiya. Kowane kaya a ba shi layi: sunan Hausa, sunan kimiyya, kalmomin littafin kwastan da Ingilishi da Faransanci, halin kaya, da alƙaluma shida, a kuma rubuta shekarar bugun da aka ɗauko su. Muna da 'ya'yan garinmu da suka yi aikin kwastan da banki da fiton kaya, su za su duba shi. A sake bitarsa kafin 2028, shekarar da aka tsayar domin fara aiki da sabon bugu. Tun ran gini ake zane, kuma a wannan sana'a ran gini ita ce ranar da aka rubuta takardar farashi ta farko.